"Gado na 7 tana nan lafiya": yadda ake rubuta ripot ɗin miƙa aiki a wod

Salam Anti. Sati uku ke nan da na fara rotashin a wod ɗin tiyata na mata nan Kumasi. Duk ran da na rubuta ripot ɗin miƙa aiki sai incaj ta ce ko ya yi tsawo, ko kuma ban faɗi komai ba. Dan Allah me ya kamata ya shiga ciki, me za a bari?

Wa alaikis salam ƙanwata. Incaj ɗinki ba ƙinki take yi ba, kuma maganganun nata biyu duk abu ɗaya ne: kina rubuta abin da KIKA yi, ita kuma tana neman abin da mai karɓar aiki ZA TA yi. Shi ya sa za ki cika shafi biyu da "an yi mata wanka, an gyara gado, an ba da magani yadda aka rubuta" amma nas ɗin dare ta karanta ta tashi ba ta san gadon da za ta fara zuwa ba. Abin da kika yi yana da gidansa, yana cikin folda da takardar magani da takardar awo. Littafin ripot na wadda za ta zauna da mutanen nan ne daga 8 na dare zuwa 8 na safe, awa 12 cur, wani lokaci su biyu kacal a kan gado talatin, likita mai kol kuma yana can imajensi ana ta jan rigarsa.

Bari in ba ki labarin mace ɗaya, dan ni da ita na koya, ba a aji ba. Wani asibiti ne da na yi aiki a da, ba sai na faɗi suna ba. Wata hajiya ce 'yar shekara 58, mai ciwon suga, ta zo da gyambo a ƙafa ya ruɓe, likitoci sun sa ta a layin tiyata da safe za a yanke ruɓaɓɓen naman a wanke. Ni na karɓi dare. Abin da na tarar a littafi, da Turanci ne amma ga shi da Hausa: gado na 7, mai suga da gyambon ƙafa, tana nan lafiya, an ba da magunguna, suga 5.1, tiyata gobe, kar ta ci komai daga 12 na dare. Ki duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kuma 5.1 lamba ce mai kyau, duk wanda ya gani hankalinsa zai kwanta, nima nawa ya kwanta, na tafi wajen wata da ta dawo daga tiyata tana ta amai.

Wajen ƙarfe 2 na dare 'yarta da ke kwana a benci ta leƙo ta ce min Sista, Mma tana ta zufa kuma tana magana ban gane ba. Na je na tarar zanin gado ya jiƙe sharkaf, jiki sanyi ƙalau, ina kiran sunanta tana buɗe ido da ƙyar. Na soka yatsa, 2.4. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, dan da yarinyar nan ta yi barci da sai dai mu ce ai hajiya barci take. Allah ya sa kanula, robar nan da ake sa wa a jijiya, na aiki, aka ɗaura dekstros, wato ruwan suga, ta jijiya bisa umarnin likita, cikin 'yan mintoci ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya tara mu a kanta.

Da gari ya waye na zauna da folda, sai ga komai a rubuce, amma a warwatse. Ƙarfe 2 na rana suga 11.2. Ƙarfe 6 na yamma 7.8, aka yi mata allurar insulin ta yamma, irin gaurayayyar nan ta 30/70, yunit 20. Aka kawo mata tuwon zafi daga gida ta yi loma uku ta ture ta ce bakinta ba daɗi. Ƙarfe 7 da minti 45 suga 5.1. Kin gani? 11.2, 7.8, 5.1, gangarowa yake yi kamar mota a tudu ba birki, ga insulin da bai ma gama nuna ƙarfinsa ba, dan irin wannan yana fara aiki bayan kamar rabin awa, ƙarfinsa ya fi yawa tsakanin awa 2 zuwa 8, ga ciki ba abinci, ga kuma umarnin kar ta ci komai daga tsakar dare. Nas ɗin yamma ta san duk wannan, ita ce ma ta ɗauke kwanon tuwon. Ba muguwa ba ce, ba kuma raguwa ba, lamba ta ƙarshe kawai ta kwafa.

To wannan shi ne abu na farko a kan halin mara lafiya: lamba ɗaya ba ta magana, sai kin jera ta da 'yan uwanta. Kar ki rubuta min inda mutum yake kawai, ki nuna min inda ya dosa. Haka yake ga hawan jini da bugun zuciya da zafin jiki da fitsari. Wadda ta dawo daga tiyata jininta 105/65 ba abin tashin hankali ba ne in haka take tun safe, amma in da rana 130/80 ne bugun zuciya 84, yanzu kuma 105/65 bugu 112, to wannan sai a duba ko jini ne ke zuba a ciki, kuma a lokacin za a kira likita ba da asuba ba. Fitsari ma haka, babba ana so ya yi aƙalla 0.5 mil a kowane kilo a kowace awa, wato mai kilo 60 kamar mil 30 a awa, dan haka "katita na zuba" ba labari ba ne, ki ce mil nawa cikin awa nawa. Ni kalmar nan "sitebul", wato tana nan lafiya, da kowa ke rubutawa na hana ɗalibaina ita koraa, sai in an biyo ta da lambobi. Sau da yawa ma'anarta kawai mara lafiyar ba ta kira ni ba, nima ban je ba.

Ga yadda ya kamata a ce an rubuta wa hajiyar nan, ki lura ba wani tsawo ya ƙara sosai ba. Gado na 7, cikakken suna da lambar folda, shekara 58, ciwon suga da gyambon ƙafar dama, kwana na 3, tiyata gobe da safe. A SA IDO: suga na sauka, 11.2 ƙarfe 2, 7.8 ƙarfe 6, 5.1 ƙarfe 7:45. An yi insulin yunit 20 ƙarfe 6, abincin dare loma uku kawai ta ci. An sanar da likita mai kol ƙarfe 7:50, bai zo ba tukuna, ana jiran umarninsa kan ƙarin ruwa mai suga kafin 12. A sake gwaji ƙarfe 9, daga nan yadda ya ce. In ya sauka ƙasa da 4, ko ta fara zufa, rawar jiki ko ruɗewa, a yi maganin faɗuwar suga nan take a kira shi, ga lambarsa. Shi ke nan. Wadda ta karanta wannan ta san ƙarfe nawa za ta koma gadon, me za ta duba, a wace lamba za ta tashi tsaye, wa za ta kira.

Gargaɗi ke nan na gaske. "A kula da ita sosai" ba gargaɗi ba ne, addu'a ce. Kowa a wod ai kula ake da shi. Gargaɗi sai da iyaka da mataki: in kaza ya kai kaza, a yi kaza. Kuma ki sa shi a farkon bayanin mutum, ba a layi na tara bayan labarin wanka ba. A wasu wod da jan biro ake jan layi a ƙarƙashi, a wasu kuma jan biro na ripot ɗin dare ne gaba ɗaya, ki tambayi yadda naku yake kar ki rikita musu tsari. Amma kar ki ja layi a ƙarƙashin kowa, in gado ashirin duk sun zama na gaggawa to babu na gaggawa ke nan, ido ya saba ya daina gani. Ni a saman shafi, bayan lissafin nan na adadin marasa lafiya, sabbin da aka kwantar, waɗanda aka sallama, waɗanda aka mayar wani wod da wanda ya rasu in akwai, nakan rubuta lambar gado uku ko huɗu da suka fi damuna, dan ko ba ta karanta komai ba ta ga wannan.

In sugan ya faɗi kuma mutum na cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, abin da aka saba shi ne giram 15 zuwa 20 na suga mai saurin shiga jini, a sake gwadawa bayan minti 15. Kar ki tsaya kina cewa ai an hana ta ci saboda tiyata har ta suma a hannunki, ki sanar da likita, tiyata ana iya ɗaga ta. Wadda ta ruɗe ko ba ta farkawa kuwa ba a ɗura mata komai a baki, zai iya wucewa huhu, ta jijiya ake bi. Shi ya sa halin kanula ma yana cikin ripot: a wane hannu take, wace rana aka sa, tana tafiya ko ta toshe. Neman jijiya a jikin tsohuwa mai suga ƙarfe 2 na dare, ga dumso an ɗauke wuta kina haska tocin waya kafin janareto ya tashi, ba na yi wa maƙiyina fatan wannan.

Akwai gargaɗin da ba ya canjawa daga dare zuwa rana, shi ne aka fi mantawa dan kowa na ɗauka an riga an sani. Hajiyar nan jikinta ba ya karɓar fenisilin, ta ce ta taɓa kumbura har numfashi ya yi mata wuya. An rubuta a ranar farko a bangon folda. Ki maimaita shi a KOWANE ripot, dan nas ɗin da ta dawo daga hutu yau ba ta nan a ranar farko, kuma amoksikilab da muke bayarwa kamar gyaɗa ɗan gidan fenisilin ne. Sai suna. Mu 'yan zango kin san halinmu, wod ɗaya sai ki samu Amina biyu ko Fati uku, sunan uba ma ya zo ɗaya, daga Aboabo ɗaya daga Asawase. In haka ta faru ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa gado na 7 da gado na 15 sunansu ɗaya, a duba lambar folda kafin magani ko ƙarin jini. Lambar gado kaɗai ba shaida ba ce, ana sauya wa mutane gado da yamma ba a gaya wa kowa ba.

Yanzu aikin da ya rage, nan ne yara suka fi jin kunya, suna ganin in sun rubuta ban yi kaza ba za a ce ba su iya aiki ba, sai su yi shiru ko su rubuta abin a dunƙule. Ƙanwata aikin wod ba ya ƙarewa, miƙa shi ake yi. Abin kunya shi ne a gano ƙarfe 7 na safe, mai tura keken tiyata na tsaye a bakin ƙofa, cewa ba a haɗa jini ba. Kowane aiki da ya rage ki ba shi abu uku: ina ya tsaya, wa zai ƙarasa, zuwa ƙarfe nawa. "A bi sakamakon lab" ba ya motsa kowa. Amma in kin ce awon yawan jininta 8.2 ne, an kai samfur na gwajin rukunin jini da haɗawa ƙarfe 4 na yamma, sakamako bai fito ba, 'ya'yanta biyu sun ce za su zo ba da jini, nas ɗin dare ta kira bankin jini kafin 10 ta tabbatar akwai leda a ajiye, to wannan aiki ne mai ubangida.

Maganin da ba a bayar ba ko aka bayar a makare, shi ma ki faɗi gaskiyarsa da dalili. Ita hajiya tana kan kilindamaisin duk awa 8, na ƙarfe 2 na rana bai samu ba dan babu a famasin asibiti a ranar, sai da ɗanta ya shiga trotro ya je gari ya sayo, aka yi mata ƙarfe 5. In kika sa hannu a gurbin ƙarfe 2 dan takarda ta yi kyau, kin yi ƙarya a takardar shari'a, kuma kin ɓata wa ta dare lissafin tazara. Ki rubuta ainihin lokacin, ki ce a tambayi likita ko mai famasi yaushe na gaba zai kasance, ki kuma faɗi saura kwalba nawa a loka, dan in ɗaya ta rage gara a gaya wa dangi tun suna nan kafin a kore su lokacin ziyara ya ƙare. Ƙarin ruwa ma ki faɗi wane iri ne, ƙarfe nawa aka ɗaura, saura nawa a leda. Misali mil 500 da za ta tafi cikin awa 6 da layin da ke ba da ɗigo 20 a mil: 500 × 20 ÷ 360, kusan ɗigo 28 a minti. In an ɗaura ƙarfe 5 ya kamata ta ƙare 11, in ta dare ta zo ƙarfe 8 ta ga ledar ta kusa ƙarewa ta san gudu take yi, in ta gan ta cike ta san ta tsaya.

Wani abu da ba za ki gani a littafin makaranta ba: ki rubuta ko an yi wa dangi bayani, da wane yare, kuma wa aka yi wa. Tsofaffinmu da yawa ba sa jin Turanci, Tuwi ɗin ma sama-sama, nas ta faɗa da sauri su ce "yoo" su gyaɗa kai. Sai da asuba jika ta shigo da koko mai zafi da ƙosai a leda. Ko a kawo rubutu a gora a ba ta ta sha, su a wajensu ai wannan ba abinci ba ne. Ba wai ki raina abin mutane ba, ki ce musu da ladabi a shafa mata yanzu, sha kuma sai bayan an fito. A ƙa'idar masu sa barci awa 6 ne ga abinci, awa 2 ga ruwa garai, koko kuwa abinci ne, amma ke ki bi lokacin da likita ya rubuta. Da azumi kuma abin juyawa yake, hajiya za ta ɗau azumi a ɓoye ta karɓi insulin ɗinta ba ta gaya wa kowa ba. Ke da kike jin Hausa ke ce za ki ji wannan a bakinsu, in kin ji ki sa a ripot.

In kina son tsarin da zai riƙe miki hannu, akwai wanda aka koya muku, SBAR: halin da ake ciki, tarihin da ya kawo shi, abin da ke kika fahimta, abin da kike so a yi. Asalinsa daga sojojin ruwan Amurka ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar irinsa a 2007. Wani bincike da ya fito a 2014 a asibitocin yara tara na Amurka da Kanada ya nuna tsara miƙa aiki ya rage kurakurai da kashi 23 cikin ɗari, duk da dai likitoci ne aka gwada kuma ba irin cunkosonmu gare su ba. Ni abin da na lura, kashi na uku na SBAR yara ke tsallakewa, wato fahimtarki, suna tsoron a ce wa ya tambaye ki. Ba a ce ki sa wa cuta suna ba, amma kina da ikon rubuta "ta fi jiya kasala, ta ƙi abinci, ban gamsu da yanayinta ba". Wannan layin ya sha ceton mutane.

Ta fuskar rubutun kansa kuwa a taƙaice: kwanan wata, lokaci, cikakken sunanki da sa hannu. Kar ki rubuta abu kafin ki yi shi. In kin yi kuskure layi ɗaya za ki ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ki sa hannu, ba gogewa ba farin fenti. Kar ki bar layi fanko a tsakani. Insulin kuma ki rubuta kalmar yunit cikakkiya, dan 10U in hannu ya karkace 100 ake karantawa. Ko wod ɗinku ya koma kwamfuta ki san inda littafin takarda yake, netwok na tafiya.

Kuma littafin shi kaɗai bai isa ba, sai kun taka gado-gado ku biyu, ke da mai karɓar aiki. Ta karanta, ku je ku gani da ido: ledar ruwa, kanula, bandeji ko ya jiƙe, ledar fitsari, allurar tukunyar oksijin. Ku ƙirga fetidin da mofin, magungunan kashe zafi masu ƙarfi na cikin kabad, tare ku sa hannu kafin makulli ya sauya hannu. Gadajen nan uku masu zafi ki sa ta maimaita miki abin da za ta yi da bakinta, ko da ta girme ki, ki ce Sista dan Allah mu sake bi ta kan gado na 7 dan hankalina ya kwanta, ba wadda za ta ji haushi. Amma abin da ya shafi sirri, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau ko wadda aka gano kansa ba a gaya mata ba tukuna, a tebur ake faɗa murya ƙasa-ƙasa, dan a wod ɗinmu labule ne kawai tsakani kuma ta gadon kusa wataƙila maƙwabciyarta ce a unguwa. Ɗaukar hoton shafin ripot a tura a guruf ɗin waya ma ki kiyaye, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, lamba 843, ga kuma lasisinki da ba ki ma gama karɓa ba.

Kar ki jira 7 da rabi ki fara tunano abin da ya faru tun 2. Ki ninke farar takarda a aljihu, duk abin da ya faru ki ɗiga lokaci da lambar gado, in kin gama kwafewa ki yaga ta a wod kar ta bi ki gida. Gobe in kin shiga, kafin ki miƙa wa incaj, ɗauki gadon da ya fi damunki ki karanta abin da kika rubuta kamar ke ce za ki kwana da ita, in ba ki ga ƙarfe nawa za ki koma wajenta ba to ki gyara. Ki turo min ɗaya in duba miki, amma ki cire suna da lambar folda tukuna.